Salihu Mai Awon Ƙafa

Mijin yayata ne, saboda haka ina da hurumin in faɗi aibinsa kafin in yabe shi. Salihu mutum ne mai naci. Idan ya kafe a kan abu, gara ka nemi wuri ka zauna, don ba za a tashi ba sai an yi yadda ya ce, ga shi ba ya ɗaga murya balle ka samu abin kamawa. Yana kuma da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi tun ina budurwa: idan kuna gaisawa ba fuskarka yake fara kallo ba, ƙafarka yake kallo. Ranar da ya fara zuwa zance wurin Yaya Mairama, ni aka aika in kai masa ruwa. Kafin ya ce sannu sai da ya gaya mini silifas ɗina sun yi mini kaɗan, dugadugaina na shan ƙasa. Na koma ciki na ce wa Yaya kada ta kuskura ta auri wannan mutumin. Ba ta ji maganata ba, na kuma gode Allah da ba ta ji ba.

A nan Hillat Bagudu aka haife shi, ƙauyenmu na ƙasar Sudan da ke bakin tur'a, babbar magudanar da ke kawo ruwan noma daga Makwar. Kakanninsa da namu tafiya ɗaya suka yo daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, noman auduga ya tsayar da su a hanya. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka markub, takalmin fatar nan da mazanmu ke sawa da jallabiyya. A gabansa Salihu ya tashi, yana jiƙa fata, yana riƙe basilla, yana kallon ƙafafun manoma iri-iri, masu faso da masu kaushi da waɗanda ƙaya ta lanƙwasa wa yatsa. Can ya koyi cewa da wuya a samu mutumin da ƙafafunsa biyu suka zo daidai, kuma ƙafar da aka auna da safe ba ita ce za ta koma gida da yamma ba, don tana kumbura da tsayuwa da zafi. Ya sha gaya mini cewa namiji ya fi yin ƙarya a kan lambar takalminsa fiye da buhunan dawar da ya noma.

Da takalman roba suka cika kasuwar birnin Madani, sana'ar markub ta ja baya a ƙauye. Uban ya tsufa ya rasu, Salihu ya naɗe kayan dukanci ya shiga aikin mahlaj, wato injin gurzar auduga da ke gabas da mu, inda rabin mazan garin ke samun abin yi in an gama tsinka. Ya daɗe yana lebura a can. A wancan lokacin kowa da kayan jikinsa yake shiga, jallabiyya da markub, wani ma da silifas. A gaban idonsa bel ɗin inji ya kama hannun rigar wani abokinsa, Kamal, ya ja shi. An kashe injin da sauri, amma hannun Kamal bai ƙara miƙewa ba har yau. Salihu ba ya son ba da labarin nan. Yaya ce ta gaya mini ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci.

Shekarun baya kaɗan aka canza masu mahlaj ɗin, sababbin suka zo da doka: ba mai shiga ɗakin inji ko wurin ɗaure dilolin auduga sai da takalmin but mai ƙarfe a baki da kuma abrol, riga da wandon nan na aiki da ke haɗe wuri guda. Aka nemi wanda zai riƙe ɗakin kaya ya raba su, aka ba Salihu, saboda ba a taɓa jin ko allura ta ɓata a hannunsa ba. Su masu wurin sun ɗauka aikin miƙa kaya ne kawai, mutanen gari ma haka suka ɗauka.

Da aka yi shela kowa ya kawo awonsa, sai mazan Hillat Bagudu suka yi abin da suka gada. Kowa ya samu tsinken tsintsiya ko siririn kara, ya karya shi daidai tsawon tafin ƙafarsa, ya aika wa Salihu, kamar yadda ake yi in za a sayo wa mutum takalmin salla daga Madani. Wasu har da saƙon cewa a zaɓo musu wanda zai ɗan matse. Ba laifinsu ba ne, haka ake sayen markub: a matse ake ɗaukarsa, ba safa, bayan 'yan kwanaki fata ta saki ta bi ƙafa. A wajen abrol kuwa sai suka juya abin. Mutumin da ya tashi cikin jallabiyya, iska na shiga ta ko'ina, in ka tambaye shi girman rigarsa mafi girma zai ce. Sai ga shi kowa na neman ƙaramin but da ƙaton abrol. Salihu ya tattara tsinkayen nan gaba ɗaya ya kai wa Yaya ta hura wuta da su, ya ce duk mai son kaya ya zo da ƙafarsa da jikinsa, bayan la'asar.

An yi gunaguni, amma an zo. Ni ma a nan na shiga maganar, domin ina da keken ɗinki, ya roƙi mijina a bar ni in riƙa zama a barandar ɗakin kayan ina gyara abrol. Don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Da farko zai miƙa wa mutum safa mai kauri ya ce ya sa. A nan ake fara rigima. Safa a zafin Sudan? Sai ya ce ita ke shan gumi, ita ke tsayawa tsakanin fata da but, kuma tunda da ita za a yi aiki da ita za a yi awo, don tana cin wuri. Daga nan ya zaro shimfiɗar cikin but ɗin ya ajiye a ƙasa, mutum ya taka ta a tsaye, nauyinsa duka a kai. Yana son ya ga faɗin babban yatsan hannu ya rage a gaban yatsan ƙafar da ya fi tsawo, kuma gefen ƙafa bai zubo waje ba. Ƙafa biyun yake dubawa, da wadda ta fi girma yake yanke hukunci. In an sa but ɗin, kafin a ɗaure igiya, sai ya ce a tura ƙafa gaba har ta taɓa baki, shi kuma ya zura yatsa ɗaya ta bayan dunduniya. In yatsan bai shiga ba, ya yi kaɗan. In biyu suka shige a sake, ya yi yawa, zai riƙa lafke yana goge dunduniya, ya kuma sa mutum tuntuɓe. Sannan a ɗaure, a zaga tsakar wurin, a gangaro ta kan tudun da ake hawa da kaya, a tsuguna. Idan yatsu suka bugi ƙarfe a gangare, ko bakin ƙarfen ya ciji bayan yatsu a tsugune, sai a cire. Duk wanda ya ce masa ai zai saki, amsa ɗaya yake bayarwa: “Hwata ka saki, ya zol, bawan Allah. Ƙarhe ba shi saki.”

Awon abrol kuwa shi ne abin kallo. A kan rigar ciki da gajeren wandon da mutum zai yi aiki da su ake sawa, a ja zif har wuya. Sai Salihu ya ce a ɗaga hannu sama kamar za a ɗauko abu a kan rumfa, a rungume kai, a yi ruku'u, a yi sujada, a tashi, a taka kan akwati da ƙafa ɗaya. Ya ce duk motsin da aiki zai nema a wurin mutum, salla ta riga ta koya masa. Limaminmu ya taɓa wucewa ya tarar da ƙarti sun yi layi suna ruku'u ba alƙibla ɗaya ba, ya tsaya ya ce Salihu ya tara jama'ar da shi bai taɓa samu da asuba ba. In hantsa ta ja, ko kafaɗa ta ɗaure, ko hannun riga ya zame ya bar tsintsiyar hannu a waje, ya yi kaɗan. Sai a hau lamba ta gaba, ni kuma a turo mini in rage ƙafar wando don kada ta shiga ƙarƙashin dunduniya, in tsuke bakin hannu, wani lokaci in sa ƙari a hammata. Yakan ce in bar ɗan sarari kaɗan don yadin na shiga in an wanke. Amma bakin hannu mai lilo, ko ƙugu mai yawo, wannan ko za a kwana ana roƙo ba zai bari a fita da shi ba. Da mutum ya fara cewa shi ya fi son a sake, sai Salihu ya dube shi kawai, kowa kuma ya san Kamal yake tunawa.

A hankali aka saba. Shekarar farko ana kiransa mai ƙaƙale, shekara ta biyu har direbobin tarakta daga ƙauyukan maƙwabta na zuwa ya duba musu but ɗin da suka sayo. Ban taɓa ganin ya gaji ba, ban kuma taɓa ganin ya yamutsa fuska don warin ƙafar wani ba, alhali ni daga baranda nake toshe hanci da gefen mayafi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa, maganar Baba ce.

Mahaifinmu, Malam Alhasan, ya fi kowa daɗewa a wurin ɗaure diloli. Shekarun da aka fara dokar yana fama da jinya bai yi aiki ba, a nan ne likita a Madani ya ce ciwon suga ne. Da ya samu sauƙi ya ce zai koma. Ba yunwa ce ta kore shi ba, muna nan muna yi masa. Zaman gida ne ya ishe shi, kuma yana jin ciwon a ce wurin da ya riƙe tun muna yara wani ne a kai. Shugaban ma'aikata, wanda muke kira mulahiz, ya yi masa alkawarin wurinsa na nan, in dai ya zo ranar Asabar da za a tayar da inji da kayan aikinsa cikakku. In bai zo ba, akwai masu jira.

To ga inda abin ya yi nauyi. Tun da Salihu ya auri Yaya, shi da Baba ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Ba ya kama sunansa, shi ma Baba ba ya kama nasa, “mai gidan Mairama” yake cewa. In suka hango juna a lungu, ɗaya zai canza hanya. Kunyar surukai ce irin ta da, wadda yaran yanzu ke yi wa dariya. Ga shi kuma ba wanda zai ba Baba but sai Salihu.

Ranar Alhamis da la'asar Baba ya zo, bayan kowa ya watse, na san da gangan ya yi haka. Salihu ya shimfiɗa masa darduma a kan benci, ya ja baya ya tsuguna a bakin ƙofa. Da ni ya yi magana, Baba na zaune tsakaninmu.

“Hindu, ki sa ma Baba sahwa.”

Na durƙusa na cire masa markub, na sa masa safa. Abrol bai ba da wahala ba, ƙafar wando kawai zan rage. Baba ya ce lambarsa arba'in da biyu ce tun yana saurayi. Salihu bai yi musu ba, ya miƙo mini kwali da fensir, ya ce Baba ya taka a tsaye in zagaye ƙafafun. Na zagaye. Ƙafar Baba faffaɗa ce, ta dama ta fi, don saniya ta taɓa taka ta. Salihu ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya ɗauko mafi girman but ɗin da ya rage a ɗakin, arba'in da uku, ya zaro shimfiɗarsa. Da Baba ya taka, babban yatsa ya kai har baki, ƙaramin kuma ya zubo gefe.

Baba ya ce a cire safar. Na dubi Salihu, bai ɗago ba. Baba ya sunkuya ya cire da kansa, ya cusa ƙafa cikin but ɗin da ƙarfi, ya miƙe ya yi taku.

“Tamam,” in ji shi. “Ko kaɗan ban ji matsi ba.”

“Hindu, matsa ƙaramin yatsan Baba na hagu, wanda ba shi cikin but. Matsa da ƙarhi.”

Na matsa har farcena ya yi fari.

“Tambayi Baba ko ya ji zahi.”

Baba ya ce ya ji an taɓa shi dai, sama-sama. Ya faɗa da alfahari, yana ganin ƙarfin jiki ne. Ni kuwa sai na tuna abin da likita ya ce, cewa ciwon kan kashe jin ƙafa, mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa.

Salihu ya ce, “Hindu, ki ba Baba haƙuri. Wanga but ba nashi ba ne. Arba'in da huɗu mai hwaɗi shika so, da sahwa. Sun ƙare, sabbin kuma sai wata mai zuwa. Ba ni iya ba da wanga.”

Baba ya ce, “Hwaɗa ma mai gidan Mairama, ƙahwata ce ko tashi?”

“Ta Baba ce. Don haka ne.”

“Hwaɗa mai tun ba a haihe shi ba nike ɗaurin dila.”

“Gaskiya ne. A yi min ahuwa.”

Ni ce a tsakiya, ba wanda na isar wa saƙo ko ɗaya, don kowa na jin kowa. Baba ya cire but ɗin ya ajiye a hankali, ya zura markub, ya fita bai yi sallama ba. Na juya kan Salihu da masifa. Na ce tsohon nan kwana nawa zai yi yana aikin, ka ba shi mana ya lallaɓa zuwa wata mai zuwa. Ya ce in da ƙafar na ji da ya ba shi, don zafi zai sa ya cire da kansa. Wannan kuwa ba abin da zai gaya masa ya cire. Ya naɗe kwalin ya sa a aljihu.

Kafin magariba labari ya gama gari: suruki ya hana surukinsa aiki. Wasu suka ce ɗan muƙamin ɗakin kaya ne ya hau masa kai. Yaya Mairama ta rasa inda za ta sa kanta, ta je gidan Baba ya juya mata baya, ta dawo gida ta tarar da miji na haɗa jaka. Da sassafen Juma'a ya nemi izini ya hau mota zuwa Madani da kwalin, bayan ya roƙi mulahiz ya ƙara wa Baba kwana ɗaya. A nan ne Salihu ya yi nasa kuskuren, shi ma ya yarda da haka. Bai gaya wa mulahiz dalili ba. Kunya ta hana shi tona ciwon surukinsa a gaban wani, ya kuma ji tsoron in aka sani za a sallami tsohon gaba ɗaya.

Juma'a shagunan kayan aiki a rufe suke, sai ya kwana wurin wani ɗan'uwansa. Asabar ya wuni yana bin shago shago, yana zaro shimfiɗar but yana ɗora kwalin a kai, masu shago na yi masa kallon mai taɓin hankali. Arba'in da huɗu akwai, mai faɗin ne babu. Sai wajen azahar ya samu a wani shago da ke unguwar makanikai.

Mu kuma a gida, Baba ya aika wurin wani abokinsa da ya bar aiki, ya aro tsohon but ɗinsa, arba'in da uku. Da safen Asabar ya sa abrol ɗin da na gyara, ya cusa ƙafa ba safa, ya tafi. Mulahiz ya ga but mai ƙarfe, ya ɗauka an daidaita, ya bar shi ya shiga. Ya wuni yana tura diloli. Da azahar yana da alwalarsa ta safe, ya tuɓe a gurguje ya yi salla ya mayar, bai duba komai ba.

Ina gidan Baba lokacin da ya dawo da la'asar, fuskarsa fal murna, auduga duk ta maƙale masa a gemu. Ya ce in gaya wa mai gidan Mairama ga shi ya yi wuni guda lafiya lau. Ya zauna a kan kujerar tsakar gida, na kawo masa buta, ya fizge but ɗin da ƙyar. Yana ba ni labarin wanda aka ɗora a kan sikeli bana, yana zuba ruwa a ƙafar dama. Ruwan da ya gangaro ƙasa ja ne. Ƙarfe ya ɗaye fatar ƙaramin yatsa har nama, farcen babban yatsa ya ɗago, jini ya bushe a tsakanin yatsu ya haɗu da ƙura. Baba ya sunkuya ya duba. Ya sa hannu ya taɓa wurin, ya sake taɓawa, yana jiran ya ji wani abu. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar.

Muna haka Salihu ya yi sallama, da kwalin but a hammata, ƙurar hanya har gira. Ya ga abin da ya gani. Na zuba masa ido ina jiran ko da kallo ne ya nuna ai ya faɗa, don ni da ni ce da sai an ji ni. Ya ajiye kwalin a gindin bango ya fita da gudu, ya dawo da mai raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Muka naɗe ƙafar da tsabtataccen ƙyalle muka nufi asibiti.

Raunin da a ƙafar wani sati guda zai yi, a ƙafar Baba sai da ya ci kusan duk lokacin gurza. Ya yi ruwa, ya kumbura, aka tura mu Madani. Akwai lokacin da likita ya kira mu gefe ya ce in bai juya ba cikin 'yan kwanaki za a cire yatsan, ya ƙara da cewa da an ƙara kwana biyu ana cusa ƙafar nan cikin takalmin nan, da ba maganar yatsa ake yi ba. Salihu ne mai kai mu wankin ciwo, shi ne mai dawo da mu. A gaba yake zama kusa da direba, ba ya waiwayowa. Wata rana a barandar asibiti ya ce mini da ya buɗe baki ya gaya wa mulahiz gaskiya da ba a kai nan ba. Na ce ai kai kaɗai ne a garin nan ka ce a'a, ni ma cewa na yi ka bayar. Bai karɓi wannan a matsayin uzuri ba.

Allah ya sa ciwon ya juya. Wurin Baba kuwa an ba wani, kuma ba za a karɓe ba. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, bai ɓoye ba. But ɗin Madani na nan cikin kwalinsa a ɗakin kaya, ba wanda ya tayar da maganarsa.

Da kaka ta zagayo aka fara shirin sabuwar gurza, mulahiz ya aiko cewa ana neman dattijo a wurin sikeli, aikin da ba tura dila, amma shi ma sai da but. Ina baranda ina taka keke wata la'asar, mutane cike ana awo, sai ga Baba, bai jira a watse ba. Aka ba shi hanya. Salihu ya shimfiɗa darduma ya ja baya zuwa bakin ƙofa kamar kullum, ya ce, “Hindu...”

Na ture keken zan tashi, Baba ya ɗaga mini hannu.

“Zauna ki yi ɗinkinki,” in ji shi. Ya cire markub da kansa, ya miƙa ƙafar dama gaba, tabon a fili kowa na gani. “Salihu, taho ka auna. Kai ka san ta, ni ba ni jin ta.”

Salihu ya taso kamar wanda aka ɗora wa buhu, ya durƙusa a gabansa. Ya ɗauko farar safa mai kauri, marar ɗinki a baki, ya ce fara ya zaɓa don ko ɗigon jini ne a gan shi da wuri. Ya zura hannu cikin but ɗin ya shafa ko'ina ko akwai abin da zai goga. Sannan ya ɗauki ƙafar Baba ya ɗora a cinyarsa ya sa mata safa. Bai rage komai a awon ba don mai ƙafar surukinsa ne. Ya sa shi ya taka shimfiɗa a tsaye, ya zura yatsa a dunduniya, ya ɗaure igiya, ya sa shi ya zaga, ya gangara, ya tsuguna. Ya ce a fara da sa shi kaɗan-kaɗan a gida kafin ranar aiki, a kuma riƙa duba ƙafar kullum da an tuɓe, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Duk abin da ya faɗa, Baba sai ya ce to.

Da aka gama Salihu ya kwance igiyar ya zare safar, ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba ja ko kaɗan. Ya ce, kansa a ƙasa, “Baba, ya yi daidai.”

Baba ya ɗora hannu a kansa ya ce Allah ya yi masa albarka. Ni kuwa na sunkuya kan keken kamar zare ne ya tsinke mini, don hawaye sun cika mini ido, kuma ba na son Salihu ya gani ya samu abin tsokanata da shi.